Rahoton shekara na shugaban sashe: yaya ake rubuta shi idan ba a cika alkawari ba?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Bana aka ba ni shugabancin sashenmu, kuma an ce in miƙa rahoton shekara nan da mako uku, in nuna sakamako, matsaloli da shirin baɗi. Damuwata ita ce ba mu kai ga abin da aka ɗora mana ba, alhali mun yi aiki fiye da bara. Ta ina zan fara, kuma yaya zan faɗi gazawar ba tare da na kashe kaina ba?

Amsa:

Barka kadai, ɗan'uwa, Allah ya taya riƙo. Kafin ka rubuta ko kalma ɗaya, je ka nemo rahoton bara na sashenku, ka buɗe shafin da wanda ka gada ya rubuta shirin shekara mai zuwa. Wannan shafin shi ne bashin da ake bin ka, ko da ba kai ka ci shi ba. Na shafe shekaru ina rubuta irin wannan rahoto, daga baya kuma na koma ɓangaren masu karanta shi a kwamiti, kuma abin da muke fara yi ke nan: mu ajiye alkawarin bara a hagu, rahoton bana a dama, mu ga ko sun san juna. Sau da yawa ba su sani ba. Mutum zai yi alkawari shida a bara, bana ya ba da labarin uku da suka yi kyau, ya yi shiru a kan sauran kamar ba a taɓa faɗin su ba. Shirun ne ke jawo tambayoyi masu zafi, ba gazawar ba.

Tunda ba ka faɗi irin sashen da kake shugabanta ba, bari in ƙirƙiro misali guda mu bi shi daga farko zuwa ƙarshe. Lambobin nawa ne, na tsara su don darasi kawai. Mu ɗauka sashen gyare-gyare ne a wata babbar ma'aikata, masu gyaran lantarki, famfo, ƙofofi da makamantansu. Sauran sassa na turo buƙatar gyara, ana shigar da ita rajista, a tura ma'aikaci. Alkawarin da aka yi bara shi ne: a kammala kashi 90 cikin ɗari na buƙatun cikin kwana biyar na aiki.

Da shekara ta ƙare, rajista ta nuna an karɓi buƙata 1,200, an kammala 864 cikin wa'adi. Kashi 72 ke nan. Bara kuwa an karɓi 900, an kammala 729 cikin wa'adi, wato kashi 81. Ka ga halin da kake ciki ke nan daidai: kason ya sauka, amma ayyukan da aka gama a kan lokaci sun ƙaru da 135. Duka biyun gaskiya ne, kuma a nan ne sababbin shugabanni ke zamewa. Wani zai rubuta cewa sashen ya kammala ayyuka fiye da na bara, ya ɓoye kason. Wani kuma tsoro zai sa ya rubuta kashi 72 tsirara, ya bar mai karatu ya ɗauka lalaci ne ya shigo sashen. Abin da ya dace shi ne a haɗa su a wuri guda, kamar haka: "Manufarmu ita ce kashi 90, mun samu kashi 72, ƙasa da kashi 81 na bara. A lokaci guda buƙatun da suka shigo sun tashi daga 900 zuwa 1,200, ayyukan da muka gama cikin wa'adi kuma sun tashi daga 729 zuwa 864." Ba ka roƙi uzuri ba, ba ka kuma ɓoye komai ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar miƙa rahoto ranar wanka ce.

Ka lura da sigar jimlar. Kowace lamba ta zo da abokan kwatance biyu: abin da aka nufa, da abin da aka samu bara. Lamba ita kaɗai ba ta cewa komai. Idan na karanta cewa sashe ya gudanar da horo sau goma sha biyu, ban san ko in yaba ko in yi faɗa ba, sai na san sau nawa aka shirya yi, kuma me ya sauya bayan an yi. Yawancin rahotannin da suka ratsa hannuna cike suke da lissafin zirga-zirga: tarurrukan da aka zauna, wasiƙun da aka aika, baƙin da aka tarba. Wannan aiki ne, amma ba sakamako ba ne. Sakamako shi ne abin da wanda kuke yi wa hidima ya gani a ƙasa: an gyara masa fankarsa cikin kwana uku ko kwana ashirin.

Bari in ɗan tsaya a kan lambobin su kansu, domin a nan ake jin kunya a gaban kwamiti. Kada ka yarda da jimillar da wani ya miƙo maka sai ka gwada ta. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne na ragowa. Abin da ya kwana daga bara, a haɗa da abin da ya shigo bana, a cire abin da aka rufe, dole ya ba da abin da ke buɗe a ranar ƙarshe. A misalinmu, buƙata 60 ce ta kwana daga bara, 1,200 suka shigo, an rufe 1,180, saboda haka ya kamata 80 su rage a buɗe. Idan ka je ka ƙirga takardun da ke buɗe ka samu 130, to akwai 50 da aka rubuta an gama alhali ba a gama ba, ko kuma an shigar da wasu sau biyu. Gara ka gano wannan da kanka a ofishinka da odita ya gano maka a zauren taro.

Akwai kuma wani tarko da na taɓa faɗawa da kaina. Idan rajistarku tana cikin Excel, ranar karɓa a layin B, ranar kammalawa a layin C, za ka iya ƙirga kwanakin aiki a layin D, sannan ka ƙirga waɗanda ba su wuce biyar ba:

```
=NETWORKDAYS(B2,C2)
=COUNTIFS(D2:D1201,">0",D2:D1201,"<=5")
```

Sharaɗin farko, na cewa lambar ta fi sifili, shi ne na manta a wancan lokaci. Aikin da ba a gama ba gurbin ranar kammalawarsa fayau yake, sai lissafin ya ba da wata ƙatuwar lamba ta ƙasa da sifili, ita kuma tana ƙasa da biyar, sai aka ƙirga duk ayyukan da ba mu taɓa ba cikin waɗanda muka gama da wuri. A misalinmu da ayyuka 80 ɗin nan sun shiga, da kason ya hau daga 72 zuwa kusan 79 ba tare da an ɗaura ko ƙusa ɗaya ba. Ka kuma sani cewa NETWORKDAYS na ƙirga ranar farko da ta ƙarshe duka, kuma Asabar da Lahadi yake ɗauka a matsayin hutu. Idan ranakun hutunku daban ne, NETWORKDAYS.INTL ne ke ba ka damar sauya su. Duk hanyar da ka bi, ka tabbata ita aka bi bara. In kuwa ka sauya yadda ake auna abu, ka faɗa a fili, ka sake lissafa na bara da sabon ma'aunin, in ba haka ba kwatancen ya zama na banza.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi ba ka tsoro, wato matsaloli. Na rasa adadin rahotannin da na karanta an rubuta "ƙarancin kuɗi, ƙarancin ma'aikata, rashin kayan aiki" a jere. Kowane sashe a duniya zai iya sa hannu a ƙarƙashin wannan, shi ya sa ba mai karanta shi. Matsala ba ta samun shiga kunnen manya sai an nuna yawan ɓarnar da ta yi wa sakamakon.

Hanyar yi ita ce ka ɗauki giɓin ka fasa shi. Buƙata 336 ce ta wuce wa'adi, ciki har da 80 ɗin da har yanzu ke buɗe. Zauna da manyan ma'aikatanka yini ɗaya ko biyu, ku bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace ku rubuta mata babban dalili guda. Aiki ne mai gundura, amma ban san wani abu da ya fi shi amfani a duk shirin rahoton ba. Mu ce kun samu haka: 210 sun makara ne saboda jiran kayan gyara daga sashen sayayya, 84 sun faɗo cikin watanni huɗun da masu gyaran lantarki biyu suka bar aiki ba a maye gurbinsu ba, 42 kuwa laifinku ne, an karɓi buƙata ba a shigar da ita rajista da wuri ba, ko an tura wanda bai dace ba.

Dubi abin da wannan ya yi maka. Kafin ku zauna, da an tambayi kowa a sashen zai rantse cewa ƙarancin ma'aikata ne ya kashe ku, domin shi ne abin da jiki ke ji kullum. Amma lissafi ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na jinkirin. Kusan kashi biyu cikin uku jiran kaya ne. Da ka rubuta rahoton da abin da zuciya ke faɗa, da ka kashe duk ƙarfinka wajen neman ma'aikata, a ba ka su, baɗi kuma su zauna suna jiran kwan fitila.

Guda 42 ɗin nan na laifinku, ka rubuta su, kuma ni da zan ba ka shawara, su za ka fara kawowa. Na san ba daɗi. Amma laifi tudu ne, kowa nasa yake takawa ya hango na wani, kuma masu karanta rahoto sun san haka sarai. Idan suka ga shugaban sashe ya ƙirga nasa kuskuren da lamba, sai su gaskata sauran lambobinsa. Idan suka ga rahoton da duk laifin na wasu ne, sai su fara tunanin me aka binne. Abin da ba za ka yi ba shi ne kiran sunan ma'aikaci. Rahoton shekara takarda ce da ke yawo, ana ajiye ta shekaru, wani lokaci ma har ta fita waje. Maganar ladabtarwa, rashin lafiyar wani, ko dalilin da ya sa wani ya ajiye aiki, duk suna da fayil nasu na sirri. Haka ma wanda ka gada: kada ka yi masa shaguɓe ko da a kaikaice, domin wata rana wani zai gaje ka.

Batun sashen sayayya kuma yana buƙatar dabara. Ka rubuta abin da ya faru, ba halin mutane ba: "Buƙata 210 ta jira kayan gyara, daga ranar da muka nema zuwa ranar da kayan suka iso, yawanci mako uku ne." Sannan, kafin ka miƙa rahoton, ka taka ka je ofishin shugaban wancan sashe ka nuna masa sakin layin. Wataƙila ya ce maka takardun neman da kuke turowa ba sa zuwa da cikakken bayani, rabinsu sai an dawo da su. In haka ne, ka ga wani ɓangare na 210 ɗin ya koma cikin naku. Wataƙila kuma ya ce shi ma ƙa'idar neman farashi daga 'yan kasuwa uku a kan kowane ƙaramin abu ce ta ɗaure shi, sai ku haɗa baki ku nemi a sassauta ta. Ko ta yaya, kada ya fara ganin sunan sashensa a zauren taro. Na ga abota ta shekaru ta mutu a kan layi biyu na rahoto.

Daga nan shirin baɗi zai rubuta kansa, in dai ka riƙe ƙa'ida ɗaya: kowane shiri ya fito daga wata matsala da ka riga ka auna, kuma duk babbar matsala ta samu shirin da ke fuskantar ta. Idan mai karatu ya ga an yi kukan jiran kaya a shafi na uku, sannan a shafi na biyar shirin baɗi ya zama fentin ofis da sayen sababbin kujeru, ya san marubucin bai karanta rahotonsa ba.

Mu koma misali. Kun duba 210 ɗin nan kun ga 150 daga ciki kaya iri ashirin ne kawai suka shafa, ƙananan abubuwa masu yawan lalacewa kamar kwan fitila, makunni, kan famfo da makulli. Shiri na farko ke nan: a buɗe ƙaramin sito na waɗannan iri ashirin, a riƙa cike shi kowane wata uku. Idan yawan buƙatu ya tsaya a 1,200, wannan kaɗai zai ɗaga 864 zuwa 1,014, wato kashi 84 da rabi. Shiri na biyu naku ne na cikin gida, ba ya cin kuɗi: a shigar da kowace buƙata rajista a ranar da ta zo, mutum ɗaya ya ɗauki nauyin hakan. Kada ka ce zai share duka 42 ɗin, ka ce rabi, 21. Kun kai 1,035, kashi 86 da ɗoriya. Sai na uku, wanda ba ya hannunka: a cike gurbin masu lantarki biyu. Da shi za a ƙara 84, a kai 1,119, kashi 93.

Ka ga yanzu kana da abin da za ka faɗa wa manya wanda ba roƙo ba ne, ciniki ne: "Da sito da gyaran rajista, mun ɗauki alkawarin kashi 85. Kashi 90 zai yiwu ne kawai idan an cike guraben biyu kafin ƙarshen wata uku na farko. Duk wannan bisa zaton buƙatu ba za su wuce na bana sosai ba." Wannan zaton ka rubuta shi ɓaro-ɓaro, domin bana sun ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, kuma ya kamata ka binciki dalili. Idan sabon gini aka buɗe, ƙarin ya riga ya faru, ba lallai ya maimaitu ba. Idan kuwa tsofaffin wayoyi da bututu ne ke mutuwa, baɗi sai abin ya fi haka, kuma maganar ta tashi daga gyara ta koma sauya kaya gaba ɗaya.

Za a matsa maka ka sake rubuta kashi 90 ba tare da sharaɗi ba, domin ya fi daɗin ji. Ka yi ƙoƙarin ƙi. Lambar da ka rubuta bana ita ce sandar da za a auna ka da ita baɗi. Akwai kuma haɗarin da masanin tattalin arziki ɗan Birtaniya Charles Goodhart ya yi nuni da shi tun 1975, a kan harkar kuɗi, daga baya aka ga ya shafi kowane fanni: da zarar an mayar da ma'auni abin da ake hukunta mutane a kai, sai ya daina faɗin gaskiya. A sashen gyara, ga yadda yake bayyana: ma'aikata su fara rufe takarda kafin a gama aiki, ko su riƙa tsintar masu sauƙi suna barin masu wuya. Maganinsa shi ne ka haɗa kason da ma'auni na biyu mai tsaron sa, misali yawan gyaran da aka dawo da ƙorafi a kansa cikin wata ɗaya, da kuma kwanakin da buƙata mafi daɗewa ta yi a buɗe. Idan kason ya hau amma waɗannan biyun ma suka hau, to wasa ake yi da rajista.

Kowane shiri ka sa masa mai ɗaukar nauyi, da muƙami ba suna ba, da watan da za a gama, da abin da zai ci. Lissafin kuɗin kuwa ka kai wa akanta ya duba, ya kuma tabbatar lambobin abin da sashen ya kashe bana sun yi daidai da nasa littafin. Rahoto biyu daga ma'aikata ɗaya da jimilla biyu daban a kan kuɗi ɗaya, ba abin da ke ɓata taro kamarsa. Shiri uku zuwa biyar sun isa. Wanda ya jero ashirin bai zaɓi komai ba.

Tsarin takardar ba shi da wahala. Idan ma'aikatarku na da fom ko samfurin da ake bi, ka bi shi ko da ba ka so. Idan babu, shafi huɗu zuwa shida sun wadatar, dogayen jadawali su tafi rataye. Ka duba wace shekara ake nufi, ta kalanda, ta kasafin kuɗi ko ta karatu, ka rubuta ranar farawa da ta ƙarewa a saman shafin farko. Idan an nemi rahoton kafin shekarar ta cika, ka ce lambobin sun tsaya ne a rana kaza, kada ka cike watan ƙarshe da hasashe ka gabatar da shi kamar ya faru.

Shafin farko shi ne taƙaitawa, kuma shi za ka rubuta a ƙarshe. Ka ɗauka cewa wannan shafin kaɗai babban shugaba zai karanta, cikin minti biyu, tsakanin taro da taro. Sakamakon da ya fi muhimmanci, babban dalilin giɓi, da hukuncin da kake nema a yanke, duk su kasance a ciki. A misalinmu hukunci biyu ne: amincewa da sito, da cike gurabe biyu. Kada ka binne su a shafi na shida cikin ladabi. Ayyukan da kuka yi da kyau waɗanda ba sa cikin ma'auni, kamar wani babban gyaran gaggawa da ya hana a rufe gini, ka ba su sakin layi guda, ka ambaci rukunin da ya yi, domin ma'aikatanka ma za su karanta su ga ko ka tuna da su.

Makonni ukun da kake da su, ni ga yadda zan raba su. Makon farko gaba ɗaya na lambobi ne: tattarawa, gwajin ragowa, da zaman fasa giɓi. Na biyu na rubutu da ziyarar akanta da shugaban sayayya. A na uku ka ba mataimakinka da wani mutum ɗaya daga wajen sashen su karanta, ka tambayi na wajen abu guda: me ya fahimta kake nema? Idan ya yi jim kafin ya amsa, koma kan shafin farko. Sannan ka nemi ganin shugabanka kwana biyu ko uku kafin ranar miƙawa, ka faɗa masa kashi 72 ɗin da bakinka, da takardar fasa giɓin a hannunka.